Ƙayyade Farashin Abinci: Me Ya Sa Kaya Ke Ɓacewa Daga Kasuwa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk sanda abinci ya yi tsada magana ɗaya ce ke yawo a bakin masallaci da tasha da rumfunan kasuwa: me gwamnati take jira ba ta yanka farashi ba? A ce kada wanda ya sayar da buhun shinkafa ko wake sama da kaza, wanda ya ƙi a kama shi. Mai faɗin haka ba mugu ba ne, yunwa ce ta sa shi magana, kuma galibi mu yake nufi, tunda mu ne masu kawo wake da albasa da tumatir daga Arewa. Maganar ta taɓa zuwa har kotu: a watan Fabrairun 2024 wata babbar kotun tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta ƙayyade farashin wasu kayan masarufi. To, mas'alar tana da suna a fiƙihu, tas'iri ake ce mata, kuma malamai sun daɗe da yin bayaninta.

Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa kaya sun yi tsada a Madina, sai mutane suka roƙi Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yanka musu farashi. Bai yanka ba. Ya nuna musu cewa hawa da saukar farashi, da ƙunci da yalwa, a hannun Allah suke, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah duk sun ruwaito shi. Ku lura da inda ya ajiye maganar: a babin zalunci. Wanda ya fi kowa tausayin talaka ne ya ga cewa tilasta wa mutum ya sayar da kayansa a kan farashin da bai yarda da shi ba yana iya zama cin haƙƙi.

Ibnu Ƙudama, a cikin littafinsa Al-Mugni, ya kawo wani dalili da kowane ɗan kasuwa zai gane nan take. Ma'anar bayanin ita ce ƙayyade farashi shi da kansa yana jawo tsada, domin fatake idan suka ji labari ba za su kai kayansu garin da za a tilasta musu ba, masu kaya a gari kuma za su ɓoye, mabuƙata su nema su rasa, sai su riƙa ƙara kuɗi don su samu. An cuci mai kaya, an kuma cuci mai saye.

Bari mu yi lissafin da buhun wake, da lambobin misali kawai, kowa ya sa na kasuwarsa a gurbinsu. A ce Alhaji ya sayi buhu a Dawanau naira 80,000. Kuɗin mota zuwa Legas ya kama 7,000 a kan kowane buhu. Lodi da sauke kaya da la'ada da abin da ake karɓa a shingaye a hanya, a ce 3,000. Buhu ya iso Mile 12 a kan 90,000, yana sayarwa 95,000. Sai aka wayi gari an yi sanarwa: kada buhun wake ya wuce 75,000. Sanarwar ba ta rage kuɗin gas ɗin tirela ba, ba ta ɗauke shinge ko ɗaya ba, kuma manomin da ya sayar a ƙauye bai mayar da ko sisi ba. Kowane buhu yanzu asarar 15,000 ce. Tirela mai buhu 300 ta zama asarar naira miliyan huɗu da rabi a sawu ɗaya. Don Allah, a cikinku wa zai sake yin lodi?

Babu. Wanda kayansa ke hanya zai buga wa direba waya ya karkata zuwa inda ba a matsa ba, ko ya tsaya a Kano. Wani ma zai nemi mai saye daga ƙetaren iyaka. Kayan da ke shigowa sun ragu ke nan.

A daidai wannan lokacin kuma masu saye sun ƙaru. Wannan shi ne ɓangaren da mutane ke mantawa. Matar da ta saba auna derika uku, da ta ji wake ya yi araha za ta so goma, don ba ta san ko gobe za a samu ba. Mai tuyar ƙosai za ta nemi buhu biyu maimakon ɗaya. Sai kuma wani sabon mutum ya shigo layi wanda ba cin wake ne ya kawo shi ba: ya gane cewa abin da ya saya 75,000 da safe zai iya sayar da shi sama da haka da yamma. Kaya kaɗan, hannaye da yawa. Da farashi ne yake raba kayan tsakanin mutane. Yanzu da aka ɗaure shi, dole wani abu ya raba. Sai ya zama layi ne ke rabawa, da sanayya, da ƙarfin ƙirji, da cin hanci. Tsohuwa da mai goyo da leburan da ba zai iya barin aikinsa ya tsaya layi tun asuba ba, su ne ke komawa gida hannu rabbana, alhali dominsu aka ce an yi dokar.

Daga nan kasuwar bayan fage take haihuwa. A gaban rumfa a ce maka babu, idan an san ka a ce ka dawo bayan magariba ta baya. Kuma farashin can ba ya tsayawa a 95,000 ɗin da ake kuka da shi a da. Kaya sun riga sun yi ƙaranci, ga kuma mai sayarwa yana ƙara kuɗin kasada: ana iya kama shi, ana iya ƙwace kayan, akwai wanda zai ba wa na goro ya kau da kai. Duk wannan a kan mai saye yake sauka. Wanda kuma ya ga ba zai iya ɓoyewa ba sai ya bi ta wata hanyar: a buga gindin mudu ya shige ciki, a rage cikar buhu, a gauraya sabon wake da tsohon da ƙwari suka ci. Farashi a baki bai canza ba, amma abin da ke shiga tukunya ya ragu. Tauye mudu kuwa kun san akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da narkon azaba a kan masu yin sa, Suratul Muɗaffifina.

Dattawan cikinmu ba sai an ba su labari ba. An yi dokar ƙayyade farashi a ƙasar nan a 1970, aka sake wata a 1977. A 1984, zamanin mulkin soja, an fasa rumbunan 'yan kasuwa an sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane suka yi ta layin madara da sukari da shinkafa da sabulu. Ranar da aka fasa an yi murna. Bayan nan layi ya ƙara tsawo, domin wanda aka sayar da kayansa da ƙarfi bai yi gaggawar kawo wasu ba. Matasa kuma sun ga irinsa a man fetur lokacin da gwamnati ke yanka farashinsa: gidan mai a rufe, 'yan bumburutu da jarkoki a bakin titi.

Akwai ɓarnar da ba a gani sai bayan damina. Labari yana komawa ƙauye cewa wake ba ya fitar da kuɗin taki da maganin feshi, sai manomi ya shuka riɗi ko waken suya a gonar. Badi waken da za a yi rigima a kansa ma ya ragu.

Kada wani ya ɗauki wannan bayani ya ce Malam ya ba mu lasisi. Ban ba ku ba. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya siffanta mai ɓoye kaya da cewa mai laifi ne. Ihtikari shi ne ka saye abincin da mutane ke buƙata ka kulle, kana jiran wuya ta kai musu ka tsawwala. Haka nan idan dillalai suka haɗa baki cewa kada kowa ya sayar ƙasa da kaza, su ma sun yanka farashi ke nan, nasu ma ya fi muni don aljihunsu suka yi wa. A irin wannan hali malamai, cikinsu har da Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba, sun ce hukuma tana da ikon tilasta wa mai ɓoyo ya fito da kaya ya sayar a kan farashin da irinsu ke tafiya a kasuwa. Daga malamanmu na Malikiyya, Ibnu Habib ya bayyana yadda ake yi idan ya zama dole: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar, ya kawo wasu daban don tabbatar da gaskiyarsu, ya tambayi nawa suke saye nawa suke sayarwa, sannan a tsaya a kan abin da zai bar musu riba ba tare da an cuci jama'a ba. Kuma Malikiyya sun ce ba a yanka wa bafatake mai kawo abinci daga wani gari farashi, don kada ya daina zuwa.

To yaya za a bambance tsadar ƙaranci da tsadar ɓoyo? A bi buhun zuwa inda ya fito. Idan farashi ya hau a kasuwar ƙauye, ya hau a Dawanau, ya hau a Bodija da Mile 12, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kuɗin hanya da 'yar riba ba, to kayan ne suka yi ƙaranci ko hanya ta yi tsada, kuma yanka farashi zai ƙara wa wutar itace ne. Maganinsa a ƙara kaya da rage wahalar hanya: a fito da abin da ke rumbunan gwamnati, a kawar da shingayen karɓar kuɗi, manomi ya samu tsaro ya shiga gonarsa, a taimaki mabuƙaci kai tsaye da zakka da sadaka. Idan kuwa a tushe kaya na da sauƙi, motoci na shigowa, ɗakunan ajiya cike, amma farashi a nan ya yi tashin gwauron zabi kuma bakin 'yan tsiraru ɗaya ne, wannan ɓoyo ne, kuma shugabannin kasuwarmu ya kamata su fara tsawatarwa tun kafin hukuma ta zo da kwado.

Shawarata ga kowane mai kawo kaya: ka riƙa ajiye rasit da lissafin kowane sawu, nawa ka saya, nawa mota ta ci, nawa aka karɓa a hanya. Ranar da jami'ai ko maƙwabtanmu masu saye suka zo suna tuhumar an tsawwala, takardar nan ce za ta yi maka magana, kuma da irinta shugabannin kasuwa za su zauna da hukuma kamar yadda Ibnu Habib ya tsara.

Allah Ya sauƙaƙa mana abinci, Ya sanya albarka a mudunmu. Amin.