Yaron Kanti Ya Yi Kuskure: Wa Za Ya Roƙi Gafara?

Ga wata tambaya da ta dace mu auna tare. Wani manomi daga ƙauyen Bukkuyum ya tafi Gummi da farkon damina, ya biya kuɗin buhu biyu na takin kamfa, watau wanda a ke fara sa wa masara tun tana ƙarama. Yaron kanti ya ɗora masa buhuna a kan babur. Sai da ya kai gida ya ga ashe yuriya ce, farar nan wadda a kan sa daga baya, sa'anda shuka ta tasa. Kashegari ya komo da kayan, ransa a ɓace.

Mai kanti yana da hanya uku a gabansa.

Ta fari, ya ce, "Ai yaron nan ne." Gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Manomi bai yi ciniki da yaro ba, a hannun mai kanti ya sa kuɗinsa. Wanda ya ke cin ribar kanti, shi ne za ya ɗauki kuskuren kanti. Wannan amsa tsohuwa ce, gama da ita Adamu ya tura laifinsa a kan matarsa.

Ta biyu, ya durƙusa, ya yi ta rantsuwa yana zagin kansa. Waɗansu su kan ce tawali'u ke nan, amma mu ba mu yarda ba. Manomi ya zo da hasara, ga shi kuwa an bar shi da aikin lallashin wanda ya jawo masa ita. Kunya za ta sa ya ce ba kome, ya haɗiye maganar kuɗin babur. Yawan kuka ya rufe bakin mai hakki.

Ta uku, ya ce, "Malam, kamfa ka saya, yuriya muka ba ka. Kuskuren kantina ne, ka gafarce ni. Ga kamfa buhu biyu, duba rubutun jikinsu. Nawa ka ba mai babur, zuwa da komowa?" Sa'an nan ya biya, ya yi shiru. Faɗan yaro kuwa sai bayan baƙo ya tafi.

Wannan ita ce daidai, domin ta ambaci laifin da sunansa, ta kuma mayar da abin da kuɗi ke iya mayarwa. Amma kwanan da gona ta yi ba taki, ba mai iya komo da shi. Saboda wannan ne a ke roƙon gafara, ba don buhu ba. In manomi ya tafi bai huce ba, kada a tsare shi a bakin ƙofa sai ya ce ya yafe. Roƙo na mai kanti ne, gafara kuwa ta manomi ce.