Tsakanin Shekarar Muda da Ɗaya ga Janairu

Duk wanda ya taɓa duba rumbun bayanan mutanen karkara a ƙasar nan ya san wani abin mamaki: ranar 1 ga Janairu ta fi kowace rana yawan haihuwa. Ka jera sunayen dattawan wata gunduma a Birnin Kudu ko Gwaram, sai ka rantse iyayensu mata sun haɗa baki ne suka haihu rana guda. Ba asiri a ciki. Fom ne ya nemi rana da wata da shekara, dattijo ya ce an haife shi "shekarar Muda", ma'aikaci ya duba layi ya ga tsawonsa, ya rubuta abin da zai sa na'ura ta bar shi ya wuce gaba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma irina ne ke gina akwatin da ake cusa wannan ranar a ciki. Shi ya sa tambayar take damuna: tsakanin wanda ya ce "shekarar Muda" da takardar da ta ce 1 ga Janairu 1950, wa ya faɗi gaskiya? In kuwa akwai ƙarya, a wuyan wa take?

Mu fara da abin da dattijon yake nufi. Manyan yunwoyin ƙasar Hausa suna da sunaye kamar mutane. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Ƙaƙalaba. Ta 1927 ana ce mata 'Yar Buhu. Ta 1942, a tsakiyar yaƙin Hitila, ana ce mata 'Yar Gusau. Ta 1953 zuwa 1954 ita ce Muda. Bayansu aka yi babban farin 1972 zuwa 1974, sai na 1984. Yaƙe-yaƙe ma haka. Wannan yanki na kudu maso gabashin tsohuwar masarautar Kano ya sha hare-haren Ningawa a ƙarni na sha tara, ya ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ya ji labarin shigar Turawa Kano a 1903. Kakannin kakanninmu da waɗannan turaku suke ɗaure haihuwa da aure da mutuwa. Kowane gida ya san inda yake lokacin da rumbu ya ƙare, don haka kowane gida shaida ne.

Bari in ɗauki misali in bi shi daki-daki. A ƙaddara wata tsohuwa ce a wani ƙauyen Gwaram, ana ce mata Azumi. Ba ta da takardar haihuwa, amma ta san abu uku. Mahaifiyarta ta gaya mata tana goye aka yi Muda. Ta tuna tana famfara aka yi bikin samun 'yancin kai. An yi mata aure ana tsakiyar ɗibar soja zuwa yaƙin Biyafara.

Goyo ba ya wuce shekara biyu da 'yan watanni, saboda haka haihuwarta tana tsakanin 1951 da 1954. Yaro yakan fara famfara yana da shekara shida ko bakwai, kuma an samu 'yanci a Oktoban 1960, wannan ya karkatar da mu zuwa 1953 ko 1954. Yaƙin Biyafara daga 1967 ne zuwa 1970, ke nan an aurar da ita tana tsakanin sha uku da sha bakwai, abin da ya dace da al'adar wancan lokaci. Sai kuma sunanta. Ba a sa wa yarinya Azumi sai in a watan Ramadan ta zo. Azumin 1953 ya kama ne wajen tsakiyar watan Mayu, na 1954 kuwa farkon Mayu. Ashe matar da aka ce ba ta san ranar haihuwarta ba ta kai mu ga watan Mayu ko farkon Yuni, cikin ɗayan shekara biyu. Katin da ke ɗaure a bakin zanenta, in ya ce 1 ga Janairu 1950, ya kuskure shekara, ya kuskure wata, ya kuskure rana, amma shi hukuma za ta yarda da shi.

Bambancin da nake gani shi ne, maganar Azumi tana ɗauke da iyakarta. Da ta ce "ina goye aka yi Muda", ta gaya maka abin da ta sani, ta gaya maka daga bakin wa ta ji, ta kuma bar maka ƙofa ka tambayi sa'o'in mahaifiyarta. Lambar da ke kan kati ba ta nuna shakka ko kaɗan. Ranar da likita ya rubuta a ɗakin haihuwa da ranar da ma'aikaci ya ƙirƙiro don layi ya ragu, kamarsu ɗaya a allo. A cikin rumbun bayanai abin da ya jawo haka layi ɗaya ne:

```sql
date_of_birth DATE NOT NULL
```

Ma'anarsa, dole a ba da cikakkiyar rana, kuma ba a yarda a bar gurbin ba kowa ba. Wanda ya rubuta wannan layi bai taɓa ganin Azumi ba, amma ya riga ya yanke hukuncin cewa iliminta ba shi da wurin zama.

A nan maganar ta zama ta amana. Wanda ba shi da takardar haihuwa yakan je kotu a yi masa takardar rantsuwar shekaru, inda shi ko wani babba a gidansu zai tabbatar da rana guda. Mu kuwa mutane ne da aka raina da tsoron rantsuwa. Dattijon da ba zai rantse a kan kuɗin akuya ba sai ya tabbata, shi ne ake sa wa ya amsa ranar da shi da mai rubutun duk sun san ƙirƙira ce. Bayan shekaru, in lambar NIN ta ce 1950, takardar banki ta ce 1955, fasfo na aikin hajji ya ce wani abu dabam, sai a ce masa ya yi ƙaryar shekaru, a dakatar da kuɗinsa har sai ya gyara. Alhali amsarsa ɗaya ce tun farko. Masu fassara ta ne suka yi uku. A ganina kaso mafi girma na wannan alhaki yana kan mai tsara tambayar da ba ta karɓar amsar gaskiya.

Sai dai adalci ya sa a faɗi raunin lissafi da yunwa, domin yana da shi. Na farko, yunwa ba ta da ranar farawa. Wanda gonarsa ta ƙone tun 1972 da wanda rumbunsa ya kai shi 1974 duk za su ce "shekarar fari", kuma tsakaninsu shekara biyu. Na biyu, suna ɗaya yakan hau abu biyu. "Lokacin basasa" a bakin mutumin da aka haifa kafin zuwan Turawa yaƙin Tukurawa da Yusufawa ne, a bakin jikansa kuwa na Ojukwu ne, tazarar fiye da shekara saba'in. Na uku, babbar masifa tana janyo na kusa da ita. Wanda aka haifa shekara uku bayan yunwa, in an daɗe sai ya koma ɗan shekarar yunwa, don ita ce kowa ke tunawa. Maganin duk wannan shi ne abin da muka yi wa Azumi: kada a dogara da turke ɗaya, a nemi biyu ko uku, a ga inda igiyoyinsu suka haɗu. In suka saɓa, kamar a ce mace ta haihu tana shekara bakwai, ka san ɗaya ya goce.

Akwai kuma inda kusan-kusan ba ta wadatarwa. Yarinyar da ake gardamar ko ta kai sha takwas, da ma'aikacin da za a yi wa ritaya a shekara sittin, haƙƙinsu yana rataye da rana. A irin wannan wuri rashin takarda mai ƙarfi yake yi wa amfani, domin shi ke zaɓar shekarar da ta yi masa daɗi. Don haka ba ina kiran a bar yi wa jarirai rajista ba ne. Yaron da aka haifa yau a Birnin Kudu ya cancanci a rubuta ranarsa. Maganata a kan waɗanda aka haifa ba a rubuta ba ce, da yadda za a karɓi abin da ke hannunsu.

Kuma kada mu ɗauka kalanda wata aba ce da ta fi ƙarfin turke. Ita ma turke ce, wadda jama'a da yawa suka yarda su ɗaure a jikinta. Haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Shekarar Giwa aka san ta, wato da harin rundunar Abraha. Sai a zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da Hijira ta zama mafarin ƙidaya, ita ma kuwa abu ne da ya faru da mutane. Bayan an tsayar da ita ma, yunwar da aka yi a Madina a shekara ta 18 da sunanta aka riƙe ta, Shekarar Toka. Kwamfutocin da nake aiki da su, da yawansu daƙiƙoƙi suke ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1970, ranar da wasu injiniyoyi suka zaɓa don ta yi musu sauƙi. Wanda ya ƙirga daga Muda bai yi abin da ya fi wannan rashin hankali ba. Nasa turken ma ya fi tsada, don da rayuka aka kafa shi.

Abin takaici shi ne hanyar gyara tana nan. Masu ƙidayar jama'a a Najeriya, har a ƙidayar 2006, sun yi aiki da jerin abubuwan tarihi na kowane yanki don kimanta shekarun wanda bai san su ba. Hukuma ta san wannan ilimi, tana karɓarsa a bakin ƙofa, sai ta jefar da shi ta riƙe lamba. A fannin manhaja ma akwai ƙa'idar ISO 8601-2 ta 2019, wadda ta ba da damar rubuta `1953~` don a ce wajen 1953, ko `1953?` don a ce ana zaton 1953 ce. Abin da ya rage shi ne a ƙara gurbi biyu a fom: ɗaya na nuna ko ranar tabbas ce ko kimantawa, ɗaya na rubuta abin da mutumin ya faɗa da bakinsa. Aikin yini guda ne ga mai rubuta manhaja.

Gurbi na biyun nan ya fi muhimmanci a wurina. Duk sanda aka mayar da "ina goye aka yi Muda" ta koma lamba takwas, an share wata shaida cewa an taɓa yin Muda, kuma wata uwa ta ratsa ta da jaririya a bayanta. Waɗanda suka ga Ƙaƙalaba sun ƙare. Waɗanda suka yi wayo a Muda sun haura tamanin. Matasa da yawa a Birnin Kudu da Gwaram ba su taɓa jin sunayen nan ba, ga shi kuwa a cikin shekarun kakanninsu aka adana su. In kana da tsoho a gida, kafin ka duba katinsa, tambaye shi me ake ciki a gari sanda aka haife shi, ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta.