Kyautar Wa Muke Saya?

A Wudil, kamar sauran garuruwan Kano, da wuya shekarar karatu ta ƙare yaro bai shigo gida da katin gayyata ba: 'yar ajinsu ta sauke Alƙur'ani, ana walima ranar Asabar. Iyakar abin da muka sani game da ita sunanta ne da ajinta. Ga shi kuma ba a zuwa walima hannu rabbana. Ranar Juma'a sai mu ratsa kasuwa muna juya abu ɗaya a rai: me za a saya wa wadda ba a sani ba?

Idan mun san yaro, shi ne ke zaɓa mana kyautarsa, domin mun san abin da yake so. Idan ba mu san shi ba, sai idonmu ya koma kan waɗanda muka sani, wato iyayensa da 'yan kallo. Mu manya mun saba da biki da gudunmawa, inda ake riƙe lissafin abin da kowa ya kawo don a rama masa ran nasa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wannan al'ada tana rufa asiri, ba mu raina ta ba. Amma idan muka shigo da ita harkar yara, kyautar ta zama bashi tsakanin gida biyu, yarinyar kuwa ta zama 'yar aike a walimarta.

Mu ɗauka Amina 'yar shekara goma sha ɗaya ce, abin da ke hannunmu kuma naira dubu uku. Abin da zai fara faɗo mana shi ne Alƙur'ani. Babu kyautar da ta fi shi daraja, sai dai kusan kowa shi zai kawo. Kuma akwai abin lura: yawancin makarantun Islamiyya da ruwayar Hafsu suke karatu, makarantun allo kuwa da Warshu. Wanda bai tambaya ba yana iya kawo mata bugun da ba da shi ta koya ba. Hijabi yana buƙatar sanin tsayinta da irin launin da gidansu ke so. Kuɗi a ambulan sun fi sauƙi, amma mun san hannun uwa za su faɗa, su shige hidimar walima. Hakan taimako ne, amma ba Amina aka ba.

Duk waɗannan kyautar zato ce: mun ƙaddara mata wace ce ita ba tare da mun sani ba. Ladabin rashin sani shi ne mu kawo abin da zai bar mata wuri ta nuna kanta. Littafin rubutu mai kwali da fensir masu launi ba su tambayar tsayi ko ruwaya. In mai zane ce ta yi zane, in mai haddar addu'o'i ce ta rubuta su.

Akwai kuma wanda muke mantawa da shi: ɗanmu, wanda shi aka gayyata. Yana zaune aji ɗaya da ita kullum. Idan muka tambaye shi me take so, zai ce bai sani ba. Amma mu ce, “Me take yawan ara a aji? Me take yi lokacin tara?” Sai mu ji ya ce kullum tana aron abin fiƙe fensir, ko jakarta ta yage tana riƙe littattafai a hannu. To ga amsa ta fito, kuma yaron ya koyi cewa kyauta daga lura da mutum take farawa.

Nan ma da iyaka. Idan jakarta ta yage don gidansu babu hali, miƙa mata sabuwa a gaban taro yana iya zama tonon asiri. Gara a naɗe ta, a ba ta ba tare da shela ba. Haka idan mu ne masu hali, kyauta mai tsada nauyi ce muka ɗora wa uwarta, wadda za ta kwana tana tunanin da me za ta rama ranar tamu walimar.

Wani zai ce ƙaramar kyauta raini ce. Amma a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton tunkiya ne. Ashe ba a ƙanƙanta raini yake ba. Raini shi ne a saya wa yarinya abu alhali ba ita ake tunani ba.

Don haka kafin mu miƙa kuɗi ga mai tebur, mu yi wa kanmu gwaji ɗaya: da a ce ba wanda zai san daga gidanmu ta fito, wannan ce dai za mu saya? Idan amsar e ce, kyautar Amina ce. Idan a'a ce, kanmu muke saya wa suna, da kuɗin da muka ce nata ne.