Lissafin da ke kan faranti

A ƙasar Matameye, da kaka ta wuce sanyi ya fara shigowa, rake ne ke cika bakin hanya. Duk wanda ya bi ta Icirnawa a wannan lokaci zai ga 'yan mata da farantai a ka, an yanka rake gunduwa-gunduwa an jera. Da irin wannan faranti shugaban malaman lissafi na wata kwaleji a yankin ya shigo ranar da ya tara ɗalibai mata don ya kira su zuwa ƙungiyar lissafi ta makaranta, wadda maza suka cika, matan cikinta ba su kai a ƙirga ba.

Bai fara da wa'azi ba. Ya ajiye farantin a kan teburi, ya ce: "'Ya'yana, inna ta sayo sandar rake shida a kan dala ɗari da ashirin. Kowace sanda ta ba da gunduwa biyar, kowace gunduwa dala biyar. Gunduwa nawa za ki sayar kafin uwar kuɗi ta dawo?" Kafin ya rufe baki wata daga baya ta ce, "Ashirin da huɗu, Mushe." Ya tambayi ribar, baki ya haɗu: dala talatin, kuɗin gunduwa shidan da suka rage. Sai ya juya ga allo ya rubuta `25x = 600`, ya ce wa zai fito ya warware. Ɗakin ya yi tsit. Tambaya ɗaya ce, domin dala biyar ita ce sefa 25, dala ɗari da ashirin kuma sefa 600. Wadda ta amsa da ka cikin ƙiftawar ido ita ce ta sunkuyar da kai da ta ga harafi a kan allo.

A ganina duk jawabinsa yana cikin wannan shirun. Yarinyar Damagaram tana zaune da lissafi iri biyu waɗanda ba a taɓa haɗa mata su ba. Na kasuwa da Hausa ake yin sa, da baki, kuma da dala ake ƙirga shi. Na makaranta da Faransanci ne, a rubuce, kuma da sefa. Duk kuɗin da ta gani a littafi sai ta raba shi biyar kafin ya zama kuɗin da ta sani. Wannan aiki ne babba da take yi kullum ba tare da kowa ya ba ta maki a kansa ba, kuma a nan ne kuskurenta yakan fito. Malamin ya nuna musu yadda abin yake faruwa: ɗaliba takan ɗauki farashin gunduwa da dala, ta ɗauki uwar kuɗi da sefa, ta rubuta `5x = 600`, sai amsa ta fito 120. Ya ce, "Ki dubi farantinki. Gunduwa talatin ne a kai gaba ɗaya. A ina za ki samo ɗari da ashirin?" Malami mai lura yana gane wannan ciwo daga nesa. Idan amsar ɗaliba ta ninka ta gaskiya sau biyar cif, ko ta zama kashi ɗaya cikin biyar nata, to ba rabawa ce ta gagare ta ba, ma'auni biyu ta gauraya. Wanda ya ja mata jan biro ya wuce bai yi mata maganin komai ba, ya dai ƙara tabbatar mata da abin da ake faɗa a gida, wai lissafi na maza ne.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba. A 1985 Terezinha Carraher da abokan aikinta biyu sun wallafa binciken da suka yi a kan yara masu sayar da kaya a titunan Recife, a Brazil. Wani yaro mai sayar da kwakwa, kowace ɗaya a kan 35, an tambaye shi kuɗin guda huɗu, ya haɗa da ka ya ce 140, daidai. Da aka ba shi takarda ya ninka 35 sau 4, sai ya rubuta 200. Hanyar da ya haddace a aji ta kai shi daji, kuma bai tsaya ya tambayi kansa ko zai karɓi wannan kuɗi a hannun mai saye ba.

Daga nan malamin ya ƙara nauyin tambayar. Ya ce a ɗauka sanda ɗaya cikin shidan tsutsa ta ci ta, ba ta sayuwa. Saura gunduwa 25, kuɗinsu dala ɗari da ashirin da biyar, riba ta koma dala biyar. Kashi ɗaya cikin shida na kaya ya lalace, amma kashi biyar cikin shida na riba ya tafi. Wannan duk 'yar talla ta san zafinsa, don ta ga fuskar uwarta a irin wannan maraice, sai dai ba ta san dalilinsa ba. Dalilin shi ne uwar kuɗi ba ta raguwa don kaya sun lalace, asara kan riba kaɗai take faɗawa. Ya rubuta `y = 25x − 600`, ya sa su cika jadawali: in an sayar da 30 riba sefa 150, in 25 ne sefa 25, in 24 ne babu ci babu faɗuwa, in 20 ne an faɗi da sefa 100, wato lambar da ke ƙasa da sifili, wadda da yawansu ke gudu tun ajin baya. Da suka ɗiga waɗannan a takarda sai layi miƙaƙƙe ya fito, irin wanda ke jiran su a jarrabawar BEPC.

Abin da ya ƙara mini ganin girmansa shi ne bai yaudare su ba. Ya gaya musu lissafin faranti yana da iyaka. Yana aiki muddin lambobin ƙanana ne kuma biyar tana raba su. Ba zai tabbatar maka da ka'idar Pythagore ba, ba zai ɗauki tambaya mai abubuwa biyu da ba a sani ba, kuma da an canza farashi sai a koma farko, alhali layin da aka rubuta lamba ɗaya kawai za a sauya masa. Wadda ke son shiga sashen C ko D a lise, ta wuce Jami'ar André Salifou a Damagaram, dole hannunta ya saba da rubutun. Aikin ƙungiyar ke nan: a kawo tambaya daga gida, a warware ta da baki da Hausa, sannan a rubuta ta layi-layi, kowace lamba da ma'auninta a gefe, ba maki, ba mai yi wa wani dariya.

Akwai kuma abin da ba za a ɓoye ba. Tallan da ya koya wa yarinyar nan ninkawa shi ne kuma yake cinye mata maraice, wani lokaci ya raba ta da aji ɗungurungum. Tun watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta ɗebo wa uwa ruwa, ba ta sayar mata da rake. Malamin ya san haka, shi ya sa ya ce zaman ƙungiyar awa ɗaya ne a mako, da zarar an tashi daga aji, a gama kafin la'asar, kuma duk wadda aka hana a gida ta faɗa masa, shi da wata malama za su je su gaida iyayen su yi bayani.

Ya sallame su da aikin gida guda. In tsutsa ta ci sanda ɗaya, nawa za a sayar da kowace gunduwa don ribar dala talatin ta tsaya yadda take? Amsar dala shida ce, sefa 30, kuma ya ce wadda ta zo da ita a baki kawai sai ta hau allo ta rubuta yadda ta same ta.