Sunan Wa Ke Kan Takarda, Gumin Wa Ke Cikin Gini?

A gidajen masunta da ke bakin tafkin Kainji, daga Yelwa zuwa Warra, kuɗin kifi ba ya bin hannu ɗaya. Miji ne ke shiga kwalekwale, amma sau da yawa mata ce ke gyara kifin, ta yi banda, ta zuba ribar a adashe. Ranar da za a sayi gida kuwa, miji ne ke zama da mai sayarwa da mai unguwa, sunansa kaɗai ake rubutawa. To, gidan na wa ne?

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kebbi ke hukunci da ita, aure ba ya gama dukiyar ma'aurata wuri ɗaya. Abin da mace ta mallaka nata ne, kuma ciyarwa da muhalli suna kan miji ko da ta fi shi wadata. Wannan kariya ce gare ta, amma tana da wani gefe: zaman aure kaɗai ba ya ba ta kaso a gidan. Sai ta nuna abin da ta saka, da kuma manufar bayarwar.

Mu ƙaddara wani masunci a Yauri mai mata biyu da 'ya'ya ya sayi gida kan naira miliyan 3. Uwargida ce ta ba da miliyan 1 daga adashenta. Ya rasu lokacin da darajar gidan ta kai miliyan 6.

Idan aka ɗauki kuɗinta a matsayin kyauta, gidan duka gado ne. Matan biyu za su raba tumuni, wato 750,000, uwargida ta tashi da 375,000, abin da bai kai rabin kuɗin da ta saka ba. Idan bashi ne, za a fara cire mata miliyan 1, domin biyan bashi yana gaba da rabon gado, sannan ta samu 312,500 daga tumunin ragowar. Idan kuwa tarayya suka yi, sulusin gidan nata ne tun asali, wato miliyan 2, ga kuma 250,000 na gado. Kuɗin da ta bayar ɗaya ne, amma sakamakon uku ne, kuma abin da ya raba su kalma ce da ba a furta ba ranar da ta miƙa kuɗin.

Hujja tana kan mai da'awa. A sha'anin dukiya, Malikiyya na karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Amma wace mace ce ke kiran shaidu kafin ta ba mijinta kuɗi a cikin ɗaki? Kunya ke hana ta, sannan kunyar nan ta zame mata asara. Kotunan boko ma hujja suke nema: a shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da da'awar wata mata domin ba ta fayyace irin gudummawar da ta bayar ba.

Wani zai ce idan aka buɗe wannan ƙofa, kowace mata za ta ce tana da kaso, marayu su cutu. Damuwar tana da tushe, shi ya sa ake neman hujja. Sai dai malaman Malikiyya kansu sun duba lamarin. A ƙarni na 16, Ibnu Arduna na Maroko ya ba da fatawa cewa matan karkara masu aikin gona tare da mazajensu suna da rabo a abin da aka samu. Wasu malamai sun saɓa masa, amma tambayarsa tana nan: matar da idonta ya sha hayaƙin banda shekara ashirin, baƙuwa ce a gidan da kifin ya saya?

A ganina, alƙali yana da uzuri idan ya tsaya kan takarda da shaidu, domin ba ya ganin abin da ya faru a ɗaki. Miji ba shi da wannan uzuri, don ya san kuɗin wa ya karɓa. Haka ma matar da miji ya sa sunanta a takardar fili don ajiya kawai ta san amana ce ba kyauta ba. Hukuncin kotu ba ya halatta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne.

Saboda haka nauyin yana kan mai suna a takarda, tun yana da rai. Ya kira shaidu biyu, a rubuta adadin kuɗin, a faɗi ko kyauta ne, ko bashi, ko tarayya, kowa ya riƙe kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta keɓe ma'aurata ba. Wanda ya ƙi rubutawa don kada a ce babu yarda a gidansa, ya bar wa matarsa da 'ya'yansa shari'ar da shi kaɗai ya san gaskiyarta.