Kada Ka Karya Kuɗin Gidan Gado a Takarda

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifi, ya ba ku haƙurin rashi. Kafin ku zauna rabon gado, bari in ja hankalinka ga ƙiyasin kuɗin gida, domin a nan ne na sha ganin mutanen kirki sun cuci kansu da hannunsu.

Ka kwantar da hankalinka tukuna: a Najeriya ba a biyan haraji don kawai an ci gado, an soke wannan harajin tun 1996. Abin da za ku tarar shi ne kuɗin kotu, wanda galibi ake lissafa shi a kan darajar dukiyar, kuma shi ne ke sa wani ya raɗa muku cewa ku rubuta kuɗin gidan ƙasa da yadda yake, a samu sauƙi. Sauƙin na yini ɗaya ne, ɗan'uwa, domin haraji yana jiran ranar da za a sayar da gidan, kuma a kan riba yake faɗawa, wato abin da ya ƙaru a kan asalin kuɗin. Tsohuwar dokar harajin riba ta 1967 ta ɗauki asalin kuɗin daga farashin da aka sayi gidan idan an san shi, in kuwa ba a sani ba, sai darajarsa a kasuwa ranar rasuwar.

A ce mahaifi ya bar ka da ƙanwarka kaɗai, da gidan da shi ma gadonsa ya yi, babu takardar ciniki. Ranar rasuwarsa gidan ya kai naira miliyan 30, amma kuka rubuta 18. Ka riƙe gidan ka biya ta kasonta, sai ta karɓi miliyan 6 a maimakon 10, ka ga ka ci haƙƙinta ko da ba ka yi niyya ba. Bayan shekaru ka sayar a miliyan 40. Ribarka ta gaskiya miliyan 10 ce, amma takardar da ka sa wa hannu tana cewa 22, kuma a tsohon lissafi na kashi 10 cikin ɗari, harajin miliyan 1 ya koma miliyan 2.2. Daga Janairun 2026 kuwa ana haɗa irin wannan riba da kuɗin shigar mutum, inda harajin kan kai kashi 25.

Saboda haka kada ka dogara da bakin dillalin unguwa kawai. Nemi mai ƙiyasin gidaje da ke da rajista da hukumar ESVARBON, ya auna filin, ya duba ginin, ya kwatanta da gidajen da aka sayar a kusa, ya rubuta rahoto mai ɗauke da ranar rasuwar da hatiminsa. Ka haɗa shi da takardar mallaka da rasit ɗin duk wani ƙarin gini, ka ba kowane magaji kwafinsa, musamman 'yan'uwanka mata.