Takardun tambaya 50 da ba a kai Tourou ba

Ɗana, ko 'yata, da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Parakou, zo mu yi magana kan wani abu da ɗalibai ke yi a ɓoye suna ganin dabara ce. Ina nufin zama a ɗaki a cike takardun tambaya da amsoshin mutanen da ba a taɓa gani ba.

Mu ɗauka kundinka a kan manoman kashu ne na Tourou, can bakin gari kan hanyar Djougou. Kai da malaminka kun tsayar cewa za ka tambayi manoma 120. Ka samu 70, sai kuɗin mai babur suka ƙare, tafintan da ke juya maka Barbanci ya tafi sabgarsa, manoma kuma suna gona tun asuba domin lokacin tsintar kashu ne. Ranar miƙa kundi ta matso. Sai wani aboki ya ce maka ai 50 ɗin nan aikin dare ɗaya ne, tunda ka riga ka san irin amsar da suke bayarwa.

Abin da abokin bai sani ba shi ne, amsar mutane ta gaskiya tana da kwaramniyar da mai ƙirƙira ba ya iya kwaikwaya. Dubi shekaru kawai. Dattijon ƙauye da ba shi da takardar haihuwa, in ka tambaye shi shekarunsa, 40 zai ce, ko 45, ko 60. A cikin takardunka 70 na gaskiya za ka tarar lambobi sun taru a kan masu ƙarewa da 0 da 5. Masana ƙidayar jama'a sun san wannan tun da daɗewa, har suna da ma'aunin Whipple na auna shi. Kai kuwa da ka zauna ƙirƙira, tsoron kada a gane ka zai sa ka rubuta 37, 43, 52, don su yi kama da gaskiya. Duk malamin da ya jera lambar ƙarshe ta shekarun nan zai ga takardu na 1 zuwa 70 da hali ɗaya, na 71 zuwa 120 da wani halin dabam, alhali ka ce ƙauye ɗaya ne.

Haka abin yake a yawan amfanin gona. Cikin manoman gaskiya akwai wanda gobarar daji ta cinye masa rabin gona, akwai wanda bishiyoyinsa ba su fara 'ya'ya ba, akwai wanda ya ƙi faɗin abin da ya samu don yana zaton kai ɗan haraji ne, akwai kuma wanda ya ce gonarsa kadada 2 ce amma ya ambaci buhunan da kadada 5 ba za ta bayar ba. Manomanka na ɗaki kuwa duk masu hankali ne. Kowa ya amsa kowace tambaya, babu gurbi ko ɗaya, kuma amfanin kowa yana kusa da matsakaici. In da waya ka yi aikin, da manhaja irin KoboCollect, to fom ɗin yana iya ɗauke da lokacin farawa da na gamawa, da wurin da aka tsaya. Hirar da ke cin minti 40 a Tourou ga ta ta ƙare cikin minti 4, da ƙarfe ɗayan dare, a unguwar Zongo.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kama ka ba. Amsoshin da aka cusa kusa da matsakaici suna rage bambancin da ke cikin alƙaluma, yawan da aka kumbura kuma yana sa lissafi ya nuna tabbacin da babu shi. Sai bambanci tsakanin manoman da ke ƙungiya da waɗanda ba sa ciki ya fito kamar tabbatacce, wani ya ɗauka ya kafa hujja da shi a nasa kundin. Kuma me ka saya da wannan? In kana ƙiyasta kaso ne, mutum 120 suna ba ka kuskuren da bai wuce kusan maki 9 sama ko ƙasa ba, mutum 70 kuma kusan maki 12. Maki 3 ke nan. Da ka rubuta cewa an tsara 120, an samu 70 saboda kaza da kaza, malamai za su ɗan ja ka a ranar kare kundi, su wuce.

Kada ka ce wannan sai ƙananan ɗalibai ake kamawa. A Disamban 2014 mujallar Science ta buga binciken Michael LaCour, ɗalibin digirin digirgir a UCLA, tare da Farfesa Donald Green na Jami'ar Columbia, cewa 'yar gajeriyar hira a bakin ƙofa tana canza ra'ayin mutane kan auren jinsi, canjin kuma ya daɗe. Waɗanda suka tona shi ɗalibai ne irinsa, David Broockman da Joshua Kalla, da suka so maimaita aikin. Sun ga amsoshin sun yi tsabta fiye da kima, sun kuma yi daidai da na wani tsohon bincike da aka ɗan yi wa kwaskwarima. Da suka tuntuɓi kamfanin da aka ce shi ya tattara amsoshin, ya ce bai san zancen ba. A Mayun 2015 aka janye maƙalar, aikin da Jami'ar Princeton ta yi wa LaCour tayi kuma ya tashi.

Ka lura da Green a labarin nan. Babban malami ne, sunansa na kan maƙalar, amma bai ga ainihin takardun bayanan ba, kuma da ya nema aka kasa kawowa, shi da kansa ya roƙi a janye. Sa suna a kan bincike shaida ce, mai shaida kuwa ana tambayarsa abin da ya gani. Saboda haka in kundinka zai zama maƙala, ku zauna da malaminka tun kafin a fara rubutu, ku tsayar da wanda sunansa zai hau da wanda zai zo farko, ka kuma aika masa saƙo a rubuce da abin da kuka tsayar, cikin ladabi. Abokin da ya yi maka lissafin gaba ɗaya ya kuma fassara sakamakon yana da haƙƙi. Wanda ya ara maka babur godiya ce tasa a shafin godiya. Rigimar suna takan tashi ne bayan an buga, lokacin da kowa ke tuna aikinsa ya manta na wani.

Satar rubutu ba zan daɗe a kanta ba, ka san haramun ce. Abu ɗaya kawai: ɗauko babi daga kundin wani ɗalibin Zariya ko Ibadan ka juya shi daga Ingilishi zuwa Faransanci bai mai da shi naka ba, ko da manhajar bincike ba ta gano ba. Malami zai buɗe jerin littattafanka ya zaɓi ɗaya ya ce, ina ka karanta wannan, me ya ce a ciki? Karl-Theodor zu Guttenberg yana ministan tsaron Jamus Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa a 2011 saboda kwafe, ya kuma sauka daga muƙamin.

Takardunka 70 ɗin nan, ka sa wa kowace lamba da kwanan wata da sunan unguwa, ka ɗauki hotonsu, ka adana fayil ɗin farko ba tare da ka taɓa shi ba, gyara kuma ka yi shi a kan kwafi kana rubuta abin da ka canza da dalili. Sunayen manoma da lambobin wayarsu ka ware su dabam, kada su shiga kundi. Gobe da safe ka je ofishin malaminka ka gaya masa 70 ka samu, ka tambaye shi ko a ƙara maka mako biyu ko a rage abin da kundin zai yi iƙirari.